Bashi da sefa, ciniki da naira: abin da masu zancen sabon kuɗi ba sa faɗa

Tun watan Fabrairun 2024, da Janar Abdourahamane Tiani ya nuna a wata hira ta talabijin cewa kuɗi alama ce ta 'yancin ƙasa, zancen barin sefa bai mutu ba a Damagaram. Ka zauna a kowace fada, daga Birni zuwa Zango, za ka ji shi. Wasu na murna za a rabu da igiyar Faransa, wasu na tsoron kada a wayi gari kamar maƙwabta da nairarsu. Duk ɓangarorin biyu sun ɗauka haɗarin canji wani baƙo ne da ke hanya, bai iso ba tukuna. Alhali ya daɗe da sauka a gidajenmu, har ya ci dukiyar mutane da yawa, sai dai mukan kira shi rashin sa'ar kasuwa.

Maganar a taƙaice take. Idan bashin da ke kanka da wani kuɗi ne, abin da ke shigo maka kuma da wani kuɗin daban, to bashinka yana iya girma kana barci, ko da mai bashin bai ƙara maka ko dala ba. Littattafan tattalin arziki sukan kawo misalin wanda ya ranci dalar Amurka yana karɓar albashi da kuɗin gida. A nan Damagaram al'amarin ya juye. Ɗan kasuwarmu da sefa yake ranta, kuɗin ƙasarsa, amma dabbarsa da wakensa a Maigatari da Mai'aduwa da Dawanau yake sayar da su, a biya shi da naira. Wato a lissafin cinikinsa, sefa ita ce kuɗin waje.

Bari mu bi wani misali da ƙididdigaggen lissafi. A ce wani mai fataucin raguna ya ranci sefa miliyan 5 a farkon 2023, zai mayar da miliyan 5 da jika 500 bayan wata shida. Ya sayi raguna hamsin a kasuwannin wajen Tanut, kowane jika 100. Kuɗin mota da abinci da duwan da na kan hanya sun ci jika 500. Kenan sai ya samo sefa miliyan 6 kafin ya fara maganar riba. A lokacin 'yan canji na ba da jika ɗaya a kan naira 1,200 ko kusa da haka. Ya kai Maigatari ranar Alhamis, ya sayar da duka a kan naira miliyan 7 da dubu 800. In ya canza a ranar, ya tashi da sefa miliyan 6 da rabi, ribarsa jika 500. Ciniki ya yi kyau.

To amma kowa ya san ba haka ake yi ba. Rabin dabbobin bashi dillali ke bayarwa, sai kasuwa ta zagayo sau biyu ko uku kafin kuɗi su cika. Wanda ya shigo ma, sau da yawa a asusun bankin Nijeriya ake barin sa, ana jiran wai canji ya gyaru. Yanzu raba naira miliyan 7 da dubu 800 da sefa miliyan 6 da dole ya samo. Za ka ga cewa da zarar jika ta kai naira 1,300, ribar ta tafi duka. Naira ɗari kacal a kan kowace jika. Wannan adadi, farashin canjin da ciniki ke komawa ba riba ba faɗuwa, shi ne abin da ya kamata kowane mai rance ya sani kafin ya sa hannu, kuma na tambayi 'yan kasuwa da dama ban samu wanda ya taɓa lissafa shi ba.

Abin da ya faru kuwa ya fi naira ɗari nesa. A watan Yunin 2023 gwamnatin Bola Tinubu ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dalar Amurka ta haura naira 1,500, jikar sefa kuma ta kai wajen naira 2,500. Bashin mutumin nan na sefa miliyan 5 da rabi, wanda a da naira miliyan 6 da dubu 600 ke biyan sa, ya koma naira miliyan 13 da dubu 750. Za a ce ai farashin rago ma ya hau a Nijeriya. Ya hau, amma a ƙasa yake tafiya, canji kuwa a mota, domin albashin mai sayen ragon bai ninka ba. Ko da farashin ya ƙaru da rabi, abin da zai tashi da shi bai kai sefa miliyan 4 da jika 700 ba. Ko uwar kuɗin bai haɗa ba. Ga kuma iyakar da aka rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wadda ta tsawaita kwanakin da kuɗin mutane suka yi suna narkewa a can.

Na san wani dattijo a unguwarmu da ya sayar da fili saboda irin wannan. Har gobe cewa yake yi dillali ne ya cuce shi. Dillalin ya biya shi nairarsa cif, ba ta ragu da kwabo ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne garin nan ya san wannan ciwo tun kafin a haifi sefa da naira, amma ba a koya wa yaranmu. A zamanin Sarki Tanimun, wanda mulkinsa mai tsawo ya ƙare a 1884, Damagaram babban zango ce a kan hanyar da ta taso daga Tarabulus ta bi Agadas zuwa Kano. Fatake 'yan Gadamas sukan sauke haja, yadi da takarda da sukari da duwatsun ado, su ba 'yan gari bashi har ayari ya komo. Kuɗi iri biyu ke yawo. Akwai liyari, azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tareza da shekarar 1780 a jiki, wadda manyan fatake ke lissafi da ita. Akwai kuma wuri, kuɗin kasuwa, wanda mai goro da mai fura ke karɓa. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851 kuma ya zauna a Damagaram a farkon 1853, ya tarar ana canza liyari ɗaya a kan wuri 2,500. Keso guda na wuri 20,000 liyari takwas kenan.

Sai dai a daidai wannan zamani jiragen ruwan Turawa, musamman na Jamusawa, suka soma jibge wani wuri mai araha daga Zanzibar a gaɓar tekun yamma. Daga Legas ya riƙa haurowa arewa, kuma kowace shekara liyari na ƙara tsada da wuri. Ka duba halin wanda ya karɓi hajar liyari ɗari daga Bagadamashe, ya karyar da ita da wuri, ya zauna jiran ayari shekara guda. Ranar biya sai ya ga kesunan da ya tara ba su sayi liyari ɗari ba. Attajirai irin su Malam Yaro, babban ɗan kasuwar Damagaram na ƙarshen ƙarnin, suna da mafita, domin suna tura fatu da gashin jimina arewa, wato suna da abin da ke kawo musu irin kuɗin da ake bin su. Ƙaramin dillali ba shi da wannan. Da Faransawa suka kama garin a 1899, a hankali suka mayar da haraji da faranka, wurin da mutane suka binne a tukwane ya koma abin ado da wasan yara. Ina ma a ce akwai darasi ɗaya a makarantunmu da ke ba da wannan labari maimakon jerin sunayen gwamnonin Faransa.

Sefar ma da ake wa kallon dutse ta taɓa motsawa. A daren 11 ga Janairun 1994, a Dakar, aka sanar da karya darajarta da rabi: farankan Faransa da ke kan sefa 50 ya koma 100. Ɗan garin nan, Mahamane Ousmane, ke kan mulki. Duk wanda ya karɓi kaya bashi daga Turai ya kwana da bashi ɗaya ya tashi da biyu, yayin da masu fitar da dabbobi suka sha romo. Yau kuma sefa da yuro take ɗaure, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba da dalar Amurka ba. Dalar da ke wajen sefa 480 a tsakiyar 2014 ta kusa 680 a Satumban 2022. Mai ɗauko kaya bashi daga Dubai ko Caina yana cikin wannan jirgi ko ya sani ko bai sani ba.

Ƙasa ma haka. Rancen dala miliyan 400 da gwamnati ta karɓa daga kamfanin man Caina, CNPC, a Afrilun 2024, da ɗanyen mai aka shirya biyan sa, man kuma da dala ake sayar da shi, don haka canji bai cika taɓa shi ba, farashin ganga ne abin tsoro. Amma matatar SORAZ da aka buɗe a arewacin garin nan a 2011, da rancen dala aka gina ta, man da take sayarwa a cikin ƙasa kuwa da sefa ake biya.

Nan ne tambayar da nake so hukumomi su amsa ta taso, kuma ban ji ko ɗaya daga masu hawa mumbarin sabon kuɗi ya taɓo ta ba. Ranar da aka canza, bashin da aka rubuta da sefa da me za a biya shi? In doka ta mayar da shi sabon kuɗi a farashin ranar farko, mai bin bashi ne zai ɗauki asarar in kuɗin ya faɗi. In an bar shi da sefa, to malamin makaranta da ya ci bashin banki ya gina ɗaki biyu ya zama daidai da mai ragunan Maigatari. Mali ta bi wannan hanya: Modibo Keita ya fitar da farankan Mali a 1962, aka karya darajarsa da rabi a 1967, aka koma sefa a 1984 a kan faranka biyu sefa ɗaya. Ba cewa nake kada a yi ba. Cewa nake a gaya wa mutane tun yanzu, kafin su ƙara sa hannu a takardun shekara biyar.

Malamanmu ma suna da rawar takawa, domin fiƙihu bai bar wurin nan a buɗe ba. Asali bashi da irinsa ake biya, in kuwa za a biya da wani kuɗi, to da farashin ranar biya ne, kamar yadda aka umurci Abdullahi ɗan Umar da yake sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami. Rigimar da ke kai mutane gaban alƙali yawanci daga nan take: an ba da bashi da baki, ba a ambaci ko naira ba ce ko sefa, kowa ya tuna wanda ya fi masa.

Tsofaffin fataken da suka tsira a shekarun nan ba wani sirri gare su ba. Wanda ya sayar a Maigatari yakan canza a ranar, ko ya juya nairar nan take ta zama masara ko siminti ya shigo da su ya sayar da sefa. Wani kuma in zai ba dillali bashi, sai ya yanke farashin da sefa, ya rubuta a gaban shaidu biyu. Dillalan can sun gane, shi ya sa ciniki a yanzu yakan tsaya a kan tambayar da wane kuɗi za a rubuta, tun ba a duba haƙoran ragon ba.