WASIƘUN GADON ƘARYA DAGA ƘASASHEN WAJE: BAYANI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDANSU

Shekarun baya ta gidan waya wasiƙun zamba ke zuwa. Yanzu kuwa ta imel suke shigowa cikin wayar hannu, har sun kai Taura da sauran garuruwan ƙasar Ringim da Dutse. Da yake wasiƙun da Turanci ake rubuta su, sau da yawa magatakardan hakimi ake kawo wa ya fassara. Saboda haka shi ne mutum na farko da zai iya tsare dukiyar talaka.

Yadda Wasiƙar Take

Mai wasiƙar yakan ce shi lauya ne a London ko wani birni mai nisa. Wai wani attajiri ya rasu bai bar magaji ba, kuɗinsa na ajiye a banki, gwamnati za ta ci su in ba a sami mai karɓa ba. Wai sunan mamacin ya zo ɗaya da na wanda aka rubuto wa, don haka sai ya tsaya a matsayin ɗan'uwa, a raba. Kullum akan haɗa da sharaɗi biyu, watau gaggawa da rufe baki. Bayan rasuwar Janar Sani Abacha a 1998, an yi ta aika irin waɗannan wasiƙu ko'ina a duniya da sunan iyalinsa, alhali mazambata ne suka rubuta.

Yadda Kuɗin Ke Hawa

A misalta da wani mai sayar da hatsi a kasuwar Gujungu, wanda aka yi wa albishir da gadon dala miliyan 3. Da fari ba a nemi ko kwabo ba, sai hotonsa da lambar asusunsa. Bayan kwana kaɗan aka aiko da takardu masu hatimi, aka ce ya biya naira 60,000 na rajistar kotu. Ya ga ba su taka kara sun karya ba, ya biya.

Sa'an nan aka ce an amince, saura naira 250,000 na harajin gado. Da ya biya, sai wani ya bugo waya, wai shi ma'aikacin banki ne, kuɗi sun taso amma an tsare su a hanya, sai an kawo takardar shaidar cewa ba na miyagun ƙwayoyi ba ne, kuɗinta naira 700,000. Ya sayar da shanun huɗa ya aika. Jimla naira 1,010,000 ke nan, bai ga ko dala ɗaya ba.

Abin lura shi ne, kowane biya akan ce shi ne na ƙarshe, kuma kowanne ya fi na bayansa. Abin da ke riƙe mutum kuwa shi ne baƙin cikin abin da ya riga ya zuba, gama yana ganin in ya tsaya ya yi asara. In ya ƙare ƙaf, wani yakan ɓullo da sunan ɗan sanda ko jami'in gwamnati, ya ce zai ƙwato masa kuɗinsa in ya biya ladan aiki. Wannan ma ɗayansu ne.

Yadda Za A Gane

Hakimai sun san ƙa'idar gado. Ta dangantaka ko ta aure ake ci, ba ta haɗuwar suna ba. Kuma daga cikin dukiyar mamaci ake fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya kafin a raba. To, lauyan da ke riƙe da miliyoyi, me zai hana shi cire naira 60,000 daga ciki? In ya ce doka ta hana, ƙarya ce. Haka kuma kuɗin kotu ko haraji ba a zuba su a asusun wani mutum. A Ingila akwai hukumar da ke rajistar lauyoyi, Solicitors Regulation Authority, ana duba sunayensu kyauta. Amma mazambata sukan ari sunan lauya na gaske, don haka kada a dogara da lambar wayar da ke cikin wasiƙar.

Abin Da Ya Wajaba

In an kawo wa magatakarda irin wannan wasiƙa, ya fassara ta, ya gaya wa mai ita gaskiya, ya hana shi amsawa. In ya riga ya biya, ya tsaya nan take, ya sanar da bankinsa a ranar, ya adana rasit da saƙonni duka, a kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin hukumar EFCC da ke Kano. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai wannan laifi.

Ana roƙon hakimai su umurci dagatai da masu unguwanni su sanar da jama'a, su kuma hana a yi wa wanda aka cuta dariya, gama kunya ce ke sa mutane su yi shiru har a cuci na gaba.