Layin Farko: Inda Wasiƙar Neman Aiki Ke Tsira Ko Ta Nutse

Jami'ar ɗaukar ma'aikata ba ta fara karanta saƙon imel bayan ta buɗe shi. Tun kafin ta taɓa shi ta riga ta fara. A fuskar wayarta abu uku take gani: sunan wanda ya aiko, taken saƙon, sai ɗan gutsure daga farkon abin da aka rubuta. Manhajar Gmail a waya layi ɗaya kacal take nunawa na wannan gutsure. Manhajar Mail ta iPhone tana nuna layi biyu, sai idan mai wayar ya ƙara da kansa, kuma ba ta wuce biyar. A cikin wannan ɗan fili ne ake yanke wa baƙon saƙo hukunci, musamman wanda ya zo daga mutumin da ba a sani ba, ba a kuma nemi ya rubuto ba.

Yawancin masu neman aiki a nan suke asara, ba don rashin cancanta ba. Wanda ya taso da al'adar wasiƙar Hausa ya san ba a faɗa wa babba buƙata kai tsaye, sai an gaisa. To amma a duba wannan buɗewa: "Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali?" Haruffanta da giɓin da ke tsakaninsu sun haura 80, wato ta cinye filin nan gaba ɗaya, ko ma ta zarce. Jami'ar ta ga saƙon, amma ba ta san ko mai shi akawu ne ko injiniya ba. Wanda ya rubuta da Turanci ko Faransanci ya buɗe da dogon fatan alheri, shi ma haka abin yake ƙare masa. Ba a ce a yar da ladabi ba. Gaisuwa ta zama kalma biyu ko uku tare da sunan wadda ake rubuta wa, addu'a da godiya kuma su koma ƙarshen saƙo, inda ba za su tare wa magana hanya ba.

Gaggawar masu wannan sana'a ba zato ba ce. Kamfanin neman aiki na Ladders da ke Amurka ya bi motsin idanun masu ɗaukar ma'aikata da na'ura a 2012, ya gano suna kashe kimanin daƙiƙa 6 a kallon farko da suke yi wa takardar bayanin karatu da aiki. Da ya maimaita gwajin a 2018, adadin ya zama daƙiƙa 7.4. Wannan takarda ce da suka nema da kansu. Saƙon da ba su nema ba kuwa, da wuya ya samu fiye da haka.

Kafin a zaɓi jimlar farko, sai a san wa ake rubuta wa, domin masu ɗaukar ma'aikata iri biyu ne kuma damuwarsu ta bambanta. Akwai na cikin gida, ma'aikacin kamfani ɗaya, wanda ke neman cike guraben kamfaninsa kawai. Akwai kuma na hukumar dillancin ma'aikata, wanda kamfanoni ke biya idan ya samo musu mutum; a Birtaniya da Amurka ladan yakan kai kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na albashin shekarar farko. Na farko tambayarsa ita ce: wannan mutum ya dace da gurbin da ke hannuna? Na biyu kuma: wane kamfani zan iya kai wa wannan mutum? Babu ɗayansu da aikinsa shi ne samar wa mai nema aiki. Saboda haka jimlar da ta fara da halin da mai nema yake ciki, cewa ya gama bautar ƙasa shekara biyu bai samu komai ba, ko iyali sun yi masa nauyi, ba ta amsa tambayar kowannensu, duk da cewa gaskiya ce mai ciwo.

A ɗauki misali. Wata akawu ce a Kano, ta yi shekara huɗu a kamfanin sarrafa shinkafa, ita ke kula da lissafin kayan sito da biyan manoma. Ta ga wani kamfanin abinci a Abuja ya sanar da gurbin akawun kayan sito, ta kuma gano sunan jami'ar da ke ɗaukar ma'aikata a can ta shafin LinkedIn. Zubinta na farko ya fara kamar haka: "Sunana wance, ina rubuto miki cikin ladabi don neman kowane irin aiki da ya dace da ni a kamfaninku mai albarka." Kowace gaɓa ta jimlar nan tana da matsala. Sunanta yana nan a sama a gurbin mai aikowa, maimaita shi ɓarnar fili ce. "Kowane irin aiki" ya ɗora wa jami'ar wahalar buɗe takardunta ta gano inda za ta sa ta. "Kamfaninku mai albarka" kuwa ana iya aika wa kamfani ɗari ba a canza harafi ba, kuma mai karantawa ta san haka.

Zubi na biyu: "Hajiya, barka da aiki. Shekara huɗu nake riƙe da lissafin sito a kamfanin shinkafa a Kano, kuma na ga kuna neman akawun sito a ofishinku na Abuja." Ko da wayar ta yanke jimlar a tsakiya, an riga an san sana'arta, da tsawon gogewarta, da garin da take. Jami'ar tana iya ajiye saƙon a ranta a gurbin da ya dace tun ba ta buɗe ba. Jimla ta biyu sai ta kawo hujja guda mai lamba: cewa ta rage lokacin rufe lissafin wata daga kwana 10 zuwa 6. Lamba ɗaya ta isa, kuma dole ta zama wadda za ta iya karewa idan an tambaye ta a zaman tantancewa. Kalmomi irin su "mai ƙwazo" da "mai riƙon amana" ba sa yin wannan aiki, domin babu mai neman aiki da ke kiran kansa malalaci.

Akwai buɗewar da ta fi wannan ƙarfi, idan mutum yana da ita: sunan wani da jami'ar ta sani. Da a ce akawun nan ta haɗu da wani ma'aikacin kamfanin a wani taro, ya ce ta rubuto, to sunansa ne ya kamata ya zo a kalmomin farko: "Malam wane na sashen sayayya ne ya ce in tuntuɓe ki game da gurbin akawun sito." Ba lallai mutumin ya zama amini ba. Masanin zamantakewa Mark Granovetter, a binciken da ya yi kan ma'aikata a garin Newton na jihar Massachusetts, wanda ya fito a littafi a 1974, ya nuna cewa da yawa daga waɗanda suka samu aiki ta hanyar mutane, ta hannun waɗanda suke gani jefi-jefi suka same shi, ba ta hannun na jikinsu ba. Wani binciken da mujallar Science ta buga a 2022, a kan masu amfani da LinkedIn kimanin miliyan 20, ya ƙarfafa wannan. Dalilin a fili yake: na jikin mutum labarinsu ɗaya da nasa, na nesa kuwa su ne ke jin abin da bai ji ba.

Sai dai sunan mutum amana ne. A nemi izininsa tukuna, kuma a faɗi alaƙar yadda take. Jami'ar tana iya ɗaga waya ta tambaye shi cikin minti ɗaya, kuma idan ya ce bai tuna wata magana irin wannan ba, an yi asarar gurbin da mutuncin tare.

Idan babu gurbin da aka sanar, babu kuma wanda ya turo mutum, sauran hanya ɗaya: a fara da wani takamaiman abu da ya nuna ita kaɗai aka rubuta wa. Kamfanin ya buɗe sabon sito a Kaduna, alal misali, ko jami'ar ta yi bayani a bainar jama'a kan wahalar samun akawun da ya san harkar amfanin gona. Wannan hanya ita ce aka fi ɓatawa, domin tana saurin zama yabo. "Rubuce-rubucenki suna burge ni" yabo ne, kuma ba ya kai ko'ina. "Na ga kun buɗe sito a Kaduna, irin lissafin da sabon sito ke buƙata shi nake yi shekara huɗu" kuwa ya haɗa labarinsu da sana'arta a numfashi ɗaya. Ma'aunin da sauƙi: a cire sunan kamfanin a sa na wani. Idan jimlar ta zauna daram, to ba ta ce komai ba.

Wasu dabaru kuma cutarwa suke yi. Akwai masu sa "Re:" a taken saƙo don a ɗauka amsa ce ga wata tsohuwar magana. Ana buɗewa kam, amma da zarar an gane yaudara ce sai a rufe da fushi. Fara saƙo da "Dear Sir/Madam" bayan sunan jami'ar yana nan a bayyane alama ce ta saƙon da aka watsa wa jama'a, kuma masu damfara ta imel sun daɗe da ɓata irin wannan buɗewa. Ba da haƙuri kan damun mutum ma ba ya taimakawa, fili kawai yake ci. Haka maimaita taken saƙo a jimlar farko: tun da a jere suke fitowa a fuskar waya, gara take ya ɗauki sunan gurbin, jimlar farko ta ɗauki gogewa.

Layin farko alƙawari yake yi, sauran saƙon ne zai cika shi, kuma a taƙaice. Kamfanin Boomerang ya nazarci saƙonnin imel miliyan 40 a 2016, ya ga waɗanda ke tsakanin kalma 50 zuwa 125 sun fi samun amsa, haka ma waɗanda ke ɗauke da tambaya ɗaya zuwa uku. Saƙonni ne na kowane fanni, ba na neman aiki kaɗai ba, amma darasin ya dace da akawun nan: jimlar gabatarwa, jimlar hujja, sai tambaya guda mai sauƙin amsawa, kamar ko gurbin yana nan har yanzu, ko kuma wa ya kamata ta tura wa takardunta.

Kafin ta aika, za ta iya tura wa kanta saƙon ta duba shi a waya ba tare da ta buɗe ba. Idan abin da ya bayyana bai faɗi sana'arta ko sunan wanda ya turo ta ba, sai ta sake jera kalmomin. Bayan aikawa, irin amsar ma tana nuna inda matsala take. Idan an amsa da "wane gurbi kike nema?", buɗewar ce ba ta fayyace ba. Idan an amsa cewa gogewar ba ta kai ba, buɗewar ta yi aikinta, gurbin ne bai dace ba. Idan kuma shiru ne, sai ta jira kamar mako ɗaya ta sake rubutawa a ƙarƙashin saƙon farko, ta fara da wani sabon bayani, kamar shaidar ƙwarewa da ta kammala ko ranar da za ta shiga Abuja, maimakon tambayar ko an ga saƙonta.