Raba Yashi da Gishiri a Ajin da Ba Dakin Gwaji

Malamin kimiyya a karamar sakandare zai iya koyar da raba abubuwan da suka gauraya cikin minti 40, da kayan da bai sha wahalar nema ba: yashi, gishiri, kofuna biyu, farin kyalle mai tsabta, murfin gwangwani da kurfoti na gawayi.

A minti 5 na farko, a hada cokali biyu na yashi da daya na gishiri, a tambayi dalibai yadda za su dawo da gishirin. Kada malam ya yi saurin ba da amsa. Wani zai ce a tsince, wani a tankade, sai a bar su su gwada su ga ba ta yiwuwa.

Daga nan kowane rukuni ya zuba ruwa rabin kofi, ya dama sosai. Gishiri yana narkewa a ruwa, yashi ba ya narkewa, kuma darasin duka a kan wannan bambanci ya tsaya. A bari yashin ya kwanta, a tace ta kyallen da aka ninka hudu. Idan ruwan ya fito gurbatacce, akwai laka a yashin, shi ya sa gara malam ya wanke yashinsa tun a gida.

Dorawa a wuta aikin malam ne shi kadai. Ya diga cokali daya na tataccen ruwan a murfin, domin rabin kofi ba zai kafe kafin a buga kararrawa ba. In ya kusa bushewa a sauke, tunda gishirin yakan yi tsalle ya fantsama. Farin bargon da ya rage shi ne gishirin, amma kada kowa ya dandana. Ragowar ruwan a shanya a faranti a rana, a duba a darasi na gaba.