Wasiƙar Neman Aiki Zuwa Birtaniya: Yadda Ake Bayyana Izinin Aiki da Shirin Ƙaura

Wasiƙar imel da mai neman aiki ke aika wa ma'aikatar da ke wata ƙasa tana ɗauke da nauyi biyu da wasiƙar cikin gida ba ta da su. Jami'in ɗaukar ma'aikata yana son ya san ko doka ta ba wannan mutum damar yin aiki a ƙasarsu, da kuma ranar da zai iya isowa ya kama aiki. Idan wasiƙa ta yi shiru a kan waɗannan biyu, jami'in ne zai yi hasashe da kansa, kuma mai takardu jibge a gabansa ba kasafai yake hasashen da zai amfani baƙo ba. Lamarin ma'aikaciyar jinya daga Nijeriya da ke neman gurbi a wani asibiti a Birtaniya ya isa ya nuna yadda abin yake.

Abin da ya sa masu ɗaukar aiki a can suke taka-tsantsan shi ne tara. Tun daga watan Fabrairun 2024, wanda aka kama ya ɗauki mutumin da ba shi da izinin aiki zai iya biyan har fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci a karon farko, fam 60,000 kuma idan ya maimaita. Baƙon da ke zaune a waje ba ya samun bizar aiki a ƙashin kansa. Sai asibitin da ke da lasisin tsaya wa baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya ya ba shi shaidar da ake kira Certificate of Sponsorship, wadda lamba ce kawai a na'ura, da ita yake cike takardar neman biza. Ga ma'aikatan jinya, sunan bizar Health and Care Worker. Gwamnatin ƙasar tana wallafa jerin ma'aikatun da ke da wannan lasisi a shafinta na gov.uk, kuma duba shi ne aikin farko kafin a rubuta kalma ko ɗaya. Asibitin da sunansa ba ya cikin jerin ba zai iya kawo kowa ba, komai kyan wasiƙar da aka aika masa.

Akwai wani dalili na daban da ya ƙara wa wasiƙar ɗan Nijeriya muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 a shekarar 2023 waɗanda ke fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, Nijeriya da Nijar da Gana na ciki. Ƙa'idar Birtaniya ta hana asibitoci da dillalai su je su yi zawarcin ma'aikatan lafiya a waɗannan ƙasashe, amma ta yarda a karɓi wanda ya nemi aiki kai tsaye da kansa. Don haka jimla guda da ke cewa mai wasiƙa ta ga sanarwar gurbin ne da kanta, kuma ba ta biyo ta hannun dillali ba, tana cire wa jami'in wata fargaba. Asibitocin gwamnati galibi fom suke sa a cike a shafin NHS Jobs, amma abin da za a faɗa a imel shi ne dai za a zuba a gurbin bayani na fom ɗin.

Tsarin wasiƙar kansa gajere ne. Kan magana yana ɗauke da sunan gurbin da lambar sanarwarsa. Sakin layi na farko yana faɗin ko wace ce da abin da ta iya: a ce shekara huɗu a ɗakin kula da marasa lafiya masu tsanani a wani asibitin koyarwa, da irin na'urorin da ta saba aiki da su. Maganar biza ba ta zuwa a layin farko, domin ƙwarewa ake saya, ba ta kuma ɓuya a ƙarshe kamar abin kunya. Gurbinta sakin layi na biyu ne.

A nan ne aka fi yin tuntuɓe. Wasu suna rubuta cewa sun cancanci yin aiki a Birtaniya, suna nufin sun cika sharuɗɗan neman biza, jami'in kuwa ya fahimci suna da izini a hannu. Ranar da aka nemi shaida gaskiya ta fito, sai a janye tayin. Bizar ziyara ma ba izinin aiki ba ce, ambatonta ba ya ƙara komai. Abin da ya dace, idan aka mai da shi Hausa, shi ne: “Ni ’yar Nijeriya ce, ina zaune a Kano. Ba ni da izinin aiki a Birtaniya a halin yanzu, zan buƙaci asibitinku ya tsaya mini a bizar Health and Care Worker. Na ci jarrabawar Turanci ta OET, na ci CBT, abin da ya rage mini a rajistar NMC shi ne OSCE.” Kowace gaɓa tana amsa wata tambaya. NMC ita ce hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a can. CBT jarrabawa ce ta na'ura da ake iya yi tun daga gida, OSCE kuwa ta aiki da hannu ce, a Birtaniya kaɗai ake yin ta, bayan an isa. Da ganin wannan jimla jami'in ya san inda aka kwana da abin da ya rage a wuyan asibitinsa. Yana da kyau a haɗa da watan da aka ci kowace jarrabawa, tunda sakamakon na Turanci shekara biyu yake yi ya daina aiki.

Batun ƙaura kuwa, cewa “a shirye nake in koma ko'ina, kowane lokaci” magana ce da ba ta ɗauke da komai, kuma tana nuna mai ita bai yi lissafi ba. Lissafin shi ake so. Idan asibitin da take aiki yana buƙatar sanarwar wata guda kafin ajiye aiki, hukuncin biza daga waje kuma yakan ɗauki kimanin mako uku bayan ɗaukar zanen yatsa, ga gwajin tarin fuka da ake wajabta wa mazauna Nijeriya, ga takardar shaidar rashin laifi daga ’yan sanda, to mako takwas zuwa goma daga ranar samun lambar tsayawa alkawari ne da za a iya cikawa. Lambar kanta wata uku take yi, in ba a nemi biza da ita ba ta mutu. Sai a rubuta: “Zan iya kama aiki cikin mako goma daga ranar da aka ba ni lambar, kuma na shirya zama a garin da asibitin yake.” Ambaton garin da sunansa ya fi cewa Birtaniya, domin masu ɗaukar aiki a ƙananan garuruwa suna tsoron wanda idonsa ke kan Landan. Idan miji da yara za su biyo baya, jimla ɗaya ta wadatar. Tambayar kuɗin jirgi da masauki ta jira lokacin ganawa ko bayan tayi.

Abin da ake maƙalawa shi ne takardar tarihin aiki, da shaidar jarrabawa in an nema. Hoton fasfo ba ya tafiya a wasiƙar farko. Amsar da ta dawo daga adireshin imel na kyauta maimakon na asibitin, ko tayin aiki ba tare da ganawa ba, ko neman a tura kuɗin lambar tsayawa, duk alamun damfara ne. Kuɗin wannan lamba a kan asibiti yake, kuma tun ƙarshen Disamban 2024 ƙa'ida ta hana a ɗora shi a kan ma'aikaci. Haka nan, tun 22 ga Yulin 2025 an rufe ƙofar ɗauko masu kula da tsofaffi da marasa ƙarfi daga waje, saboda haka duk wanda ke tallata irin wannan gurbi ga mazaunin Nijeriya abin da babu shi yake sayarwa.