Gumin Dare Lokacin Ɗaukewar Al'ada

Ƙarfe biyun dare, mace mai shekara 50 ta farka, rigarta ta jiƙe sharkaf, zuciya na bugawa. Tana iya zaton zazzaɓi ne, alhali sinadarin istirojin ne ya ragu a jikinta, sai sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita ɗumin jiki ya riƙa ɗaukar ɗan ɗumi kamar zafi mai tsanani.

Zafin kan wuce cikin 'yan mintuna, amma barcin ya riga ya yanke. Tufafin auduga marasa nauyi, ɗaki mai iska da rage yaji da shayi da daddare suna taimakawa.

Idan gumin ya haɗu da tari ko rama, a je asibiti, domin tarin fuka ma yana kawo shi.