Yarjejeniyar Haɗa Jari Tsakanin Abokai Biyu

Yarjejeniyar haɗa jari takarda ce da abokan kasuwanci ke sa wa hannu gaban shaidu, ta fayyace abin da kowa ya kawo, da aikin da zai yi, da abin da zai ɗauka. A Najeriya, rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 ba ta maye gurbinta, domin rajista suna take tabbatarwa, ba kason kowa ba.

Uwar kuɗi ce farkon abin rubutawa. A ɗauka abokai biyu za su buɗe shagon atamfa a Kantin Kwari: ɗaya ya zuba naira miliyan 3, ɗayan miliyan 1, amma na biyun ne zai riƙa wuni a shago. Idan wani ya kawo kanta ko janareta maimakon kuɗi, a ranar ake yi musu ƙima a rubuta, tun kafin su tsufa a fara musu.

Rigima ta fi ɓarkewa a kan guminsa mai zaman shago, don haka a ware masa albashi daban da riba, a ce naira 60,000 a wata. Ƙarshen shekara a ƙirga kaya, a cire haya da albashi da bashin da ake bin shago. Idan naira 800,000 ta rage, mai kashi uku ya ɗauki 600,000, mai kashi ɗaya 200,000. Asara ma haka take bin jari: in aka faɗi da 400,000, na farko ya ɗauki 300,000. Malaman fiƙihu ba su saɓa a kan wannan rabon asara ba.

Sai kuma maganar aljihun tebur. Kuɗin cefane da ake zara da yamma, da turmi biyu da aka ba ƙanin matar wani "zuwa Juma'a", su ke cinye jari a hankali. Alamarsa ita ce ciniki na tafiya amma kanta na ramewa. Takarda ta faɗi wanda ke da ikon ba da bashi da iyakarsa, ta kuma ce asusun banki na shago ne, ba a cirar kuɗi mai yawa sai da hannu biyu. Dalilin yana da nauyi: a haɗakar da ba kamfani ba, bashin da ɗaya ya ciwo da sunan shago yana hawa kan ɗayan, har ya taɓa dukiyarsa ta gida.

Sashen rabuwa ne abokai ke jin nauyin tayarwa. Mai son fita ya ba da sanarwa, misali ta wata uku, kuma abokinsa za a fara yi wa tayin kasonsa. Idan ɗaya ya rasu, kasonsa ya zama gado; takarda ta nuna wanda zai yi ƙimar kaya da wa'adin biyan magada. A ambaci kuma mai sasanci, kamar shugabannin kasuwa, kafin a kai ga kotu.