Nemo Gurbin Farko Mai Rubutu da Lambar Ƙarshe a Excel

A takardar lissafi ta Excel, jere yakan fara da gurabe babu komai. Misali, a lissafin mai shagon hatsi, inda B2 zuwa M2 ke wakiltar watanni goma sha biyu, wani abokin ciniki bai fara sayayya ba sai a wata na huɗu. Wannan dabara ce ke fito da sayayyarsa ta farko:

```
=INDEX(B2:M2,MATCH(TRUE,INDEX(B2:M2<>"",0),0))
```

Ana tambayar kowane gurbi ko akwai wani abu a cikinsa. Uku na farko suna amsawa da FALSE, na huɗu da TRUE. MATCH yana tsayawa a TRUE na farko, ya ba da 4, sai INDEX ya ɗauko abin da ke E2. Inda gizo ke saƙar shi ne gurbin da aka danna wa tazara bisa kuskure: ido na ganinsa wayam, amma dabarar tana ƙirga shi cikin masu rubutu, sai amsa ta fito tamkar babu komai. Idan jeren duka fanko ne, #N/A ke bayyana.

Lambar ƙarshe a ginshiƙi, kamar ragowar kuɗi a C, tana samuwa ta wata hanya daban:

```
=LOOKUP(9.99E+307,C:C)
```

Lambar nan ta kusa mafi girman abin da ake iya rubutawa a gurbi. Da yake babu wadda ta kai ta, LOOKUP yana zarcewa har ƙasa, yana tsallake kalmomi da guraben wofi, ya dawo da lambar da ta zo ƙarshe. Sai dai Excel yana ajiye kwanan wata a matsayin lamba, don haka idan an rubuta shi a ƙasan ginshiƙin, shi za a samu maimakon kuɗin.